Iyakokin VPN na Kyauta: Na'ura Nawa, Wace Saba, Data Nawa

Manhajar VPN tana ɗaukar duk abin da ke fita daga waya, ta lulluɓe shi, ta bi da shi ta wata saba kafin ya isa inda aka nufa. Tafiyar da waɗannan sabobin kuɗi ne, shi ya sa kamfanin da ya ba da tsarin kyauta yake ƙuntata shi ta fuska uku: yawan na'urorin da za su haɗu a lokaci guda, sabar da za a iya zaɓa, da adadin datar da za ta bi ta ciki. Galibi idan an sassauta ɗaya, an matse wata.

Proton VPN bai ƙayyade data ba a tsarinsa na kyauta, amma na'ura ɗaya ya yarje wa. Ana iya sanya manhajar a waya da kwamfuta duka, sai dai idan wayar tana haɗe, kwamfutar za ta ƙi haɗuwa har sai an cire ta farkon. Mai biyan kuɗi kuwa yana haɗa na'ura 10. Haka kuma mai tsarin kyauta ba ya zaɓen saba, manhajar ce ke zaɓa masa daga cikin 'yan ƙasashe irin su Amurka, Holan da Japan. Nisa yana da tasiri: saƙon da ya tashi daga Kano ya zaga ta Japan zai daɗe fiye da wanda ya bi ta Turai, kuma a kiran murya ake fara jin hakan, magana tana makara tana yankewa.

Windscribe ya bi akasin haka. Bai iyakance na'urori ba, yana barin a zaɓi ƙasa daga cikin kaɗan, amma gigabait 10 yake bayarwa a wata ga wanda ya tabbatar da imel ɗinsa. TunnelBear gigabait 2 kacal.

A nan ne lissafi yake rufta wa mutane. Bidiyo mai kyan hoto yakan ci kusan gigabait ɗaya a awa, don haka mai kallon awa ɗaya kullum zai cinye gigabait 10 cikin kwana goma. Idan gida guda suna amfani da asusu ɗaya, daga rumbu ɗaya kowa ke ɗiba, kuma sabunta manhajoji da waya ke yi a ɓoye shi ma yana shiga lissafin. Wannan adadi ba kyautar data ba ce: datar layin waya tana ƙarewa kamar kullum, har da ɗan ƙari saboda lulluɓin.

Abin da ya fi muni shi ne idan adadin ya ƙare, haɗin yakan yanke, waya ta koma intanet a buɗe ba tare da mai ita ya ankara ba. Kunna Kill Switch a saitin manhajar yana hana hakan, domin yana tsayar da intanet gaba ɗaya da zarar VPN ta faɗi. Ga mai waya ɗaya da ke son kariya dare da rana, tsarin da bai ƙayyade data ba shi ya fi dacewa.