Me ya sa kibod ke ƙin amsa maɓalli na uku ana tsakiyar wasa?

Mai wasa ya danne maɓalli biyu yana gudu, ya taɓa na uku don ya yi tsalle, shiru. Galibi laifin kibod ne.

A ƙarƙashin maɓallan akwai layukan lantarki, wasu a tsaye, wasu a kwance. Idan maɓallai uku suka faɗo a kusurwa uku na murabba'i ɗaya, wutar kan zagaya, sai kibod ya ɗauka an danna na huɗun. Wannan ake kira gostin. Don gudun haka, kibod mai araha yakan yi watsi da na ukun.

Roloba kuwa shi ne adadin maɓallan da kibod ke ganewa lokaci guda. Alamar 6KRO a kwali na nufin shida. NKRO na nufin duka, domin kowane maɓalli yana da dayod da ke hana wutar komawa baya.

Mai son gwadawa sai ya danne Shift biyun, ya rubuta jimla a Notepad. Idan wasu haruffa suka ɓace, kibod ɗin yana toshewa.