Idan Cak Ya Dawo: Wasiƙar da Mai Shago Zai Rubuta Kafin Zuwa Kotu

A ɗauka wani mai shago ne a Kasuwar Singa ta Kano. Wani abokin ciniki da ya saba da shi ya ɗebi katan 60 na taliya a kan naira 20,000 kowanne, ya rubuta masa cak na naira 1,200,000, aka loda kaya a mota aka tafi. Mai shago ya kai cak bankinsa ranar Litinin, yana lissafin zai biya dilansa ranar Juma'a. Sai banki ya kira shi ya zo ya karɓi takardarsa, an rubuta mata DAR. Wannan alama ce da bankunan Najeriya ke sawa idan sun ƙi biya, tana nufin a koma wa wanda ya rubuta cakin, kuma galibi dalilin shi ne babu isasshen kuɗi a asusunsa.

Abin da yawancin 'yan kasuwa kan yi daga nan sananne ne. A buga waya, a ji "Alhaji, a yi haƙuri, mako mai zuwa in sha Allahu." A tura ɗan'uwa, a kai maganar gaban shugaban layi. Duk wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma a nan ake kashe wutar. Matsalar ita ce babu ɗaya daga ciki da ke barin shaida, kwanaki kuwa suna tafiya.

Kwanakin suna da muhimmanci saboda dokar da aka kafa a 1977 kan cakin da banki ya ƙi biya. Dokar ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko bashi da cak, aka kai cakin banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa, banki ya ƙi biya saboda babu kuɗi ko ba su isa ba, to ya aikata laifi. Hukuncin mutum shi ne ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Idan kamfani ne, tarar da ba ta gaza naira 5,000 ba. A nan ne mutane ke tuntuɓe. Banki yakan karɓi cak har wata shida kafin ya ce ya tsufa, don haka mai shagon da aka roƙa ya jinkirta kai cak har wata huɗu yana ganin bai yi asarar komai ba, alhali ya fita daga wa'adin wannan doka. Bashinsa yana nan, amma babban makaminsa ya tafi.

Saboda haka matakin farko shi ne a kai cak banki da wuri, idan ya dawo a adana shi yadda yake, tare da takardar da banki ya bayar, da rasidin kayan, da takardar da direba ya sa wa hannu. Ba a miƙa wa abokin ciniki asalin cakin don ya ce zai canjo wani. Kwafi ake haɗawa da wasiƙa. Kuma a tura wasiƙar ba da jinkiri ba, domin dokar takardun kuɗi tana son a sanar da dawowar cak cikin gaggawa.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar tsawo, shafi ɗaya ya isa. Ana iya rubuta jikinta kamar haka:

"Alhaji, bayan gaisuwa. Ranar 3 ga Maris ka karɓi katan 60 na taliya daga shagona, ka ba ni cak mai lamba kaza na banki kaza, na naira 1,200,000. Na gabatar da shi ranar 6 ga Maris, banki ya dawo da shi ranar 8 ga Maris ba a biya ba. Ina neman ka biya wannan kuɗi cikin asusuna mai lamba kaza cikin kwana 14 daga ranar da ka karɓi wannan wasiƙa. Idan wa'adin ya cika ban ga kuɗin ba, zan bi haƙƙina ta hanyar shari'a ba tare da wata sanarwa ba."

Babu zagi a ciki, babu kiran mutum ɓarawo ko ɗan damfara. Wasiƙar da alƙali zai iya karantawa wata rana ce, kuma dokar 1977 ta bai wa wanda ake tuhuma damar kare kansa idan ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na gaskata cewa za a biya cakin a lokacin da ya rubuta shi. Wataƙila shi ma wani ne ya yaudare shi. Haka nan ba dabara ba ce a rubuta cewa za a sa 'yan sanda su tsare shi har sai ya biya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa yarjejeniya. Mai shago yana da 'yancin kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC a kan cakin, amma wannan hanya ta hukunci ce, dabam take da ta karɓo kuɗi.

Wurin da wasiƙu da yawa ke lalacewa shi ne lissafin asara. Mai shagonmu ya ce rashin kuɗin ya sa dila ya janye masa rangwamen naira 50,000, ya kashe naira 15,000 wajen zirga-zirga, kuma da ya juya kuɗin sau biyu da ya ci ribar naira 200,000. Cikin fushi sai ya haɗa duka ya nemi naira 1,465,000 a dunƙule. Kuskure ne, domin ya bai wa abokin hamayyarsa abin musu. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suna rubuce a cak da sa hannun mutumin, ba ya iya gardama a kansu. Sauran kuwa sai an tabbatar da su ɗaya bayan ɗaya. Rangwamen dila zai iya shiga idan akwai takardar dilan, musamman idan abokin cinikin ya san tun farko cewa da kuɗinsa za a biya. Kuɗin zirga-zirga sai da rasidi. Ribar da ba a ci ba kuwa, kotu ba ta cika kula ta ba, don ƙiyasi ce. Abin da ya fi shi ne a sa kuɗin cak a layinsa shi kaɗai, a jera asarar da ke da takarda a ƙasa, a bar sauran. Doka ta halatta neman kuɗin ruwa daga ranar da aka gabatar da cak, sai dai 'yan kasuwa Musulmi da dama kan ce wa lauya ya cire wannan layin don gudun riba, kuma cire shi ba ya raunana da'awar.

Sai batun isarwa. Wasiƙar da ba a iya tabbatar da an karɓa ba kusan daidai take da wadda ba a rubuta ba. A buga kwafi biyu, a kai hannu da hannu tare da shaida, ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya. Idan ya ƙi karɓa, a tura ta kamfanin aika saƙo a riƙe rasidinsu. Idan sunan kamfani ne a jikin cakin, da sunan kamfanin za a rubuta wasiƙar, a kai ofishinsa.

Da zarar wasiƙa ta isa, sau da yawa mutum kan zo da tayin biya kashi-kashi. Idan mai shago ya amince, a rubuta adadi da ranaku, a sa hannu, kuma kada a karɓi wani sabon cak a madadin tsohon sai an ga kuɗi a asusu. Idan kuwa kwana 14 suka wuce shiru, Kano tana da kotunan ƙananan basussuka tun 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Ƙa'idarsu ita ce sai an fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya, kuma suna da fom na musamman don haka mai suna SCA 1, wanda ake karɓa a wurin magatakardar kotu.