Cin zali a makaranta: Yadda iyaye za su rubuta ƙorafin da malami zai iya aiki da shi

A watan Afrilun 2024, bidiyon wata ɗaliba da ake sharara wa mari a makarantar Lead British International School da ke Abuja ya karaɗe shafukan sada zumunta, har aka rufe makarantar na kwana uku. A watan Yulin 2025 kuma, ɗalibai biyu suka rasu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano, bisa zargin cewa wasu ɗalibai ne suka yi musu duka.

Irin waɗannan ne ke fitowa a labarai. Amma yawancin cin zali a makaranta ba ya da bidiyo. A wuri kamar Kirikasamma da ke masarautar Haɗeja, abin da uba ko uwa ke gani shi ne yaro ya dawo da yagaggiyar riga, ko kullum ya tashi da ciwon ciki idan lokacin tafiya makaranta ya yi.

A nan ne rubutaccen ƙorafi ke da amfani, ko ta imel, ko ta WhatsApp, ko a takarda. Sai dai ba kowane ƙorafi ba ne malami zai iya aiki da shi.

Me ya sa sai da kwanan wata?

Masanin nan Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zalin ɗalibai tun shekarun 1970, ya ce abu uku ne ke bambanta shi da faɗan yara: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko shekaru, ko yawan abokai.

Idan uba ya ce "kullum ana dukan ɗana", malami ba shi da inda zai kama, kuma yana iya ɗauka faɗa ne irin na yara. Amma idan ya ga ranaku uku a jere da wuri da lokaci, maimaicin ya fito fili. Zai iya duba rajista ya ga wa ya zo ranar, ya tambayi malamin da ke duti, ya kira monita.

Saboda haka, kafin a rubuta komai, a zauna da yaron cikin natsuwa. A tambaye shi me ya faru, a ina, wa ya gani, ba tare da an sa masa magana a baki ba. Idan bai tuna ranar ba, a haɗa da abin da ya sani, kamar ranar kasuwa ko ranar da aka yi gwajin lissafi.

Ga misali

A ɗauka wani manomi ne a Kirikasamma, ɗansa na aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wasu 'yan aji uku suna takura masa. Ga abin da zai aika wa malamin ajin:

"Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin (sunan yaro) na ajinka. Ina sanar da kai abubuwa uku da suka faru.

"Ranar Litinin 6 ga Oktoba, lokacin tara, a bayan aji, ya ce wasu ɗalibai biyu 'yan aji uku sun karɓe masa naira 200 na kuɗin tara. Ya ce monitan ajinsu na wurin.

"Ranar Alhamis 9 ga Oktoba, bayan an tashi, a bakin ƙofar makaranta, ya ce su biyun sun ture shi ya faɗi. Ni da kaina na ga rauni a gwiwarsa ta dama, na kuma ɗauki hoto a ranar.

"Ranar Talata 14 ga Oktoba, ya ce sun gargaɗe shi cewa idan ya faɗa wa wani zai gani. Washegari Laraba ya ƙi zuwa makaranta.

"Ina roƙon abu uku: a ji ta bakinsa shi kaɗai ba a gabansu ba, a sa malami ya riƙa lura da bayan aji lokacin tara, sannan a ba ni lokaci mu gana kafin Litinin 20 ga Oktoba. Na gode, Allah Ya taimaka."

Abin lura a saƙon

Uban ya raba abin da aka faɗa masa da abin da ya gani. Ya ce "ya ce" inda ɗansa ne ya ba shi labari, ya ce "na ga" inda ya gani da idonsa. Idan daga baya wani ɓangare na labarin ya sha bamban, ba za a yi watsi da ƙorafin gaba ɗaya ba.

Bai kira yaran 'yan iska ko ɓarayi ba, bai kuma zargi malamin da sakaci ba. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya ta zagi na iya mayar da maganar rikicin gida biyu, a manta da yaron.

Bai kuma ce a kori kowa ba. Kora ba ta hannun malamin aji, kuma sai an yi bincike. Ya nemi abin da malamin zai iya yi a cikin makon, ya sa rana.

Sunayen waɗanda ake zargi ana iya sa su a saƙon da zai je wa malami shi kaɗai. Amma kada a tura saƙon ko hoton raunin a guruf ɗin iyaye. Su ma yara ne, kuma yaɗa maganar kan jawo ramuwa a kan wanda aka zalunta.

A ajiye shaidar aikawa

Imel da WhatsApp suna ajiye ranar aikawa da kansu. Idan takarda ce, a yi kwafi biyu, a roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan na uban. A kuma ɗauki hotonta a waya, domin a yankin da ambaliyar kogin Haɗeja ke shiga gidaje da makarantu da damina, kamar yadda aka gani a 2022, takarda ba ta da tabbas.

Wanda bai iya boko ba zai iya sa amintacce ya rubuta masa, a karanta masa kafin a aika. Saƙon murya ma ya yi, matuƙar an ambaci ranakun.

Idan aka ji shiru fa?

Idan ranar da aka sa ta wuce, sai a kai wa hedimasta ko firinsifal kwafin saƙon, tare da ranar da aka fara aikawa. Daga nan sai kwamitin SBMC ko ƙungiyar iyaye da malamai. Idan firamare ce ko ƙaramar sakandare, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi kuma hukumar SUBEB a Dutse.

Amma akwai abin da ba ya jiran wasiƙa. Idan akwai rauni mai tsanani, ko makami, ko lalata, ko yaro ya fara maganar kashe kansa, a kai shi asibiti nan take, a je makarantar a ranar, a kuma sanar da 'yan sanda idan laifi ne. Jihar Jigawa ta sa hannu kan dokar kare yara a watan Disambar 2021.

Ko bayan an gana da malami, a ci gaba da rubuta abin da ke faruwa na 'yan makonni. Alamar an dace ba alƙawarin da aka ɗauka a ofis ba ce. Alamar ita ce yaron ya koma cin kuɗin tararsa, yana kuma fita makaranta da safe ba sai an tilasta masa ba.