Katin Masoya Bai San Maneminki Ba

Wani sabon duba ya shigo gidajenmu ta cikin waya. Ba ya bukatar faifan ƙasa ko bukka a bayan gari. Sunansa tarot, kuma da katuna masu zane ake yin sa. 'Yan mata na cin karo da shi a TikTok da YouTube. Wasu sun sauke manhajarsa. Yawancinsu wasa suke kiransa. Ina magana da su, da iyayensu, da yayyensu, da samarin da ake yanke wa hukunci da kati ba su sani ba. Babu dalilin firgita ko ƙwace wa yara waya. Amma lokacin yin shiru ya wuce.

Ga gajeren labari, irin wanda zai iya faruwa a kowace unguwa.

Wata budurwa ce, gobe bayan la'asar manemi zai zo zance karon farko. Abokin yayanta ne ya haɗa su. Sun yi 'yan makonni suna waya, ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Dare ya raba, barci ya ƙi zuwa. Ta buɗe manhajar da ƙawarta ta nuna mata, ta danna, katuna uku suka fito. Ba ta ga abin da take so ba, ta sake dannawa. Ta kuma sakewa. A karo na huɗu sai ga kati mai lamba 6, an rubuta The Lovers a ƙasansa, wato Masoya. Namiji da mace a tsaye, mala'ika ya buɗe fukafukai a samansu, rana na haskawa. Gabanta ya faɗi. Ta ɗauki hoton ta tura wa ƙawarta, ita kuma ta amsa: "Ke, shi ke nan, mijinki ne." Ta yi barci da murmushi.

Washegari ya zo. Da ta tambayi sana'arsa ya ce harkoki yake yi. Da maganar aure ta taso ya ce ya taɓa yi, amma labari ne mai tsawo. Ya ce shi ba ya son jan lokaci, yana so a sa rana da wuri. Da daddare gwaggonta ta tambaye ta: "Ɗan gidan wa ne? Me ya raba shi da matarsa?" Ta ce: "Gwaggo, ni dai hankalina ya kwanta da shi."

Wataƙila mutumin kirki ne. Wataƙila ba haka ba. Haɗarin farko shi ne ta daina neman sani. Ya ba ta amsoshi uku, kowacce na neman ƙarin tambaya, ta bar su suka wuce. Ta shiga zancen ne da hukunci a hannu tun daren jiya. Kaucewarsa ta zama kunya a wurinta, gaggawarsa ta zama tsananin so. Zancen farko an yi shi ne don a saurara. Wadda ta riga ta samu amsa ba ta saurarawa.

Haɗari na biyu, ba ta san lissafin da ya yaudare ta ba. Katunan tarot 78 ne, manya 22, ƙanana 56. Katin Masoya ɗaya ne daga cikin manyan. Idan aka zaro uku daga 78, zai fito sau ɗaya cikin 26. Idan kuwa manhajar da manyan 22 kaɗai take aiki, kamar yadda wasu ke yi, zai fito kusan sau ɗaya cikin bakwai. A haka, wadda ta danna sau biyar ta fi kusa da ganinsa a kan rashin ganinsa. Budurwarmu ta danna sau huɗu. Ta manta da ukun farko, ta riƙe na huɗun. Kuma ba wannan katin kaɗai ake fassarawa da soyayya ba. Akwai mai kofi biyu, akwai mai kofi goma, akwai mai sanduna huɗu da ake cewa biki ne. Mai neman albishir a cikin katunan nan da wuya ta tashi hannu rabbana. Bidiyon da ke cewa "idan kin ga wannan, saƙonki ne" kuwa ya fi muni. Manhaja ta lura kina tsayawa a kan irinsa, sai ta ƙaro miki. Dubban mata ne ke kallon saƙo ɗaya a dare ɗaya, kowacce da mutumin da ke ranta.

Haɗari na uku shi ne kwarjinin da ake jingina wa katin. Za a ce miki tsohuwar hikima ce daga Masar. Ƙarya ce. Tarot ya fara ne a arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, wajen 1440, kuma karta ce ta wasa a fadojin masu mulki. An shafe fiye da shekara 300 ana buga ta kafin maganar duba ta yi ƙarfi. A 1781 wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa katunan sirrin malaman Masar ne, ba tare da hujja ba. Wani mai suna Etteilla ya mayar da abin sana'a. Zanen da budurwarmu ta gani kuwa na 1909 ne, Pamela Colman Smith ta zana shi a Landan bisa umarnin Arthur Edward Waite. A tsohon zanen Marseille hoton ma daban yake: saurayi ne a tsaye tsakanin mata biyu, maharbi mai fukafukai na auna shi da kibiya daga sama. Masu fassara da yawa suna cewa wannan na nufin zaɓi da ruɗani. Ko a zanen 1909 akwai maciji a naɗe da bishiyar da ke bayan matar. Idan kuma katin ya fito a kife, sai su ce saɓani ne da rabuwa. Masu abin ba su daidaita a kan ma'anarsa ba, ita kuwa ta ɗora aurenta a kai.

Haɗari na huɗu ya fi wuyar ganewa, domin fassarar kan yi kama da gaskiya. "Kina gab da yanke babban hukunci. Zuciyarki na so, amma akwai ɗan tsoro." Wace budurwa ce wannan bai dace da ita ba a daren da za a zo ganinta? A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne. Ya nemi su auna dacewar bayanin daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Bayan haka ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa. Gwajin da za ki yi da kanki mai sauƙi ne. Karanta wa ƙawarki fassarar da kika samu, ki ce tata ce. Idan ta ce wallahi haka take, kin ga inda dacewar ta fito.

Kati kuma yana cuta ta ɗaya ɓangaren. Da katin Mutuwa ne ya fito mata, ko na Hasumiya mai rushewa, da ta fita zance fuska a murtuke. Da ta ga alamar sharri a tarinsa da zamansa. Mutumin kirki zai koma gida bai san laifinsa ba. Iyaye za su yi ta mamakin abin da ya sa take korar manema. A nan ne kuma ƙofar kuɗi ke buɗewa. Katin farko kyauta ne. Idan tsoro ya shiga, sai a ce a biya don a yi cikakken dubawa. Daga nan a ce akwai wata da ta shiga tsakani, sai an biya a kawar da ita. Wannan dabarar boka ce, kowa ya san ta, riga kawai ta sake. Kafin a kai nan ta riga ta tura sunanta, da ranar haihuwarta, da hoton manemin, da sirrin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba. Duk suna hannun wanda ba ta san fuskarsa ba. Ranar da ta daina biya, yana da abin yi mata barazana.

Ga musulma akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikin Sahih Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Neman sanin gobe ta hanyar kati duba ne, ko a kan gadonki kike. Wasu na ce masa istihara ta zamani. Kada a yarda da wannan suna. Istihara nafila ce raka'a biyu da addu'a. Mai bukata ce ke yin ta da kanta, tana roƙon a sauƙaƙe mata abin in alheri ne, a kawar da shi in sharri ne. Ba ta bayyana gaibu, kuma ba ta ɗauke shawara da bincike. Ni a ganina masu karɓar kuɗi su "yi wa" mutum istihara, su dawo da sunan miji, layinsu ɗaya da masu kati. Gidan da uwa ke zuwa wurinsu ba zai iya hana 'ya danna waya ba.

Sai abin da kati ba zai taɓa nunawa ba, alhali yana nan a rubuce a jini. Idan ita AS ce shi ma AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai sikila. Gwaji a asibiti ne kaɗai ke faɗin wannan. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da rukunin jinin nan, da cutar ƙanjamau, da ciwon hanta. Amma takardar gwaji tana amfani ne ga wadda ke shirye ta ji amsar. Yarinyar da ta yi imani an riga an nuna mata mijinta za ta yi kuka, ta ce ana son raba ta da rabonta. Za ta nemi hanyar kauce wa sakamakon. 'Ya'yan da ba a haifa ba ne za su biya.

Lokaci kuma ba ya jira. Kafin magabatan manemi su zo tambaya, bincike aikin kwana kaɗan ne. A tura kawu ko yaya unguwarsu. A ji ta bakin maƙwabta da limamin masallacinsu. A ga wurin sana'arsa da ido. A nemi dangin matar da ya rabu da ita, a ji nasu ɓangaren. A je gwajin jini tun ba a shaƙu ba. A wannan matakin, in aka ce a'a, ba wanda ya ji kunya. Da zarar an karɓi kuɗin gaisuwa, magana ta zama ta gida biyu. In aka sa rana, dangi sun ji. In lefe ya shigo, fasawa na nufin mayar da akwatuna a idon unguwa, kuma iyaye da yawa sun gwammace su rufe ido a ɗaura.

Uwa ko gwaggon da ta ji 'yarta ta ce hankalinta ya kwanta bayan zance ɗaya, ta zaunar da ita cikin lumana ta tambaye ta me ya kwantar da shi. Faɗa zai sa ta ɓoye wayar ne kawai. A bar ta ta nuna hoton da kanta, a tambaye ta sau nawa ta danna kafin ya fito. Budurwar labarinmu ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Magabatan manemin za su zo ranar Asabar, kuma har yanzu ba wanda ya taka unguwarsu.