Siginar westan bulot ta yi rauni, ko membiren ya yi duhu: jita-jita da gaskiyar lamari

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin binciken furotin ya san maganar da ake fara yi idan aka haska membiren aka ga wayam: "Antibodin nan ya mutu." Sai a fara lissafin kuɗin sabo, wanda sai an yo odarsa daga waje, a jira makonni. Wani lokaci gaskiya ne ya mutu, musamman idan firij ya sha ɗaukewar wuta. Amma a ganina wannan zargi ne da ya kamata ya zo a ƙarshe, domin kafin antibodi ya yi aikinsa akwai matakin da aka fi yin asara a cikinsa, wato ɗauke furotin daga cikin jel zuwa kan membiren da ƙarfin lantarki. Towbin, Staehelin da Gordon ne suka bayyana hanyar a 1979, Burnette ya raɗa mata sunan da ta shahara da shi a 1981, kuma har yau yawancin ɗakunan bincike da bafar Towbin suke aiki: giram 3.03 na Tris, giram 14.4 na gilaisin da mililita 200 na metanol a cikin lita ɗaya.

Bayan an kashe na'ura, furotin ɗinka yana ɗaya daga wurare uku. Ko bai bar jel ba, ko ya zauna a kan membiren, ko kuwa ya ratsa membiren ya wuce. Ana iya gane ko wanne ne cikin rabin yini ba tare da an taɓa antibodi ba. A jiƙa membiren a rinin Ponceau S na minti biyar, a ɗauraye da ruwa, layukan furotin su fito ja, kuma rinin yana wankuwa, ba ya hana aikin da zai biyo baya. Jel ɗin da aka saba jefarwa a shara kuwa a rina shi da Coomassie, a ga abin da ya rage a ciki. Sannan tun wurin haɗa kayan a shimfiɗa membiren na biyu a bayan na farko, duk abin da ya tsere zai kama shi. Da waɗannan shaidu uku ake auna sauran maganganun da ke yawo.

Ana cewa idan layukan ma'auni masu launi sun fito a kan membiren, to ɗauka ta yi kyau. Rabin gaskiya ce. Fitowarsu tana tabbatar da cewa wuta ta bi hanyar da ta dace, wato jel yana gefen baƙi, membiren yana gefen ja, domin furotin da SDS ya lulluɓe yana tafiya ne wajen ja. Idan aka juya su, komai zai zube cikin bafa, har da ma'aunin. Sai dai furotin ɗin ma'auni an ɗaure su da rini, kuma ana zuba su da yawa, saboda haka ko rabinsu ne ya isa ido zai gani. Naka kuwa yana iya zama ƙanƙani a cikin samfurin, rasa rabinsa ya isa ya ɓatar da shi.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai ƙara lokacin ɗauka ba ya ɓaci. Ga manyan furotin akwai gaskiya a ciki, ga ƙanana kuwa ita ce hanyar rasa su. Furotin mai nauyin kilodalton 17, kamar histon H3, yana fita daga jel da sauri, kuma membiren mai huda ta maikuromita 0.45 ba ya riƙe shi sosai. Idan aka bar wuta tana ja, sai ya wuce. Alamarsa ita ce jel ya fito tas, Ponceau ya nuna ƙasan membiren na farko fari, na biyu kuma yana ɗauke da jajayen layuka. Gyaransa a koma membiren mai huda 0.2 ga duk abin da bai kai kilodalton 20 ba, a rage lokaci, kuma kada a sa SDS a bafar ɗauka.

Matsalar manyan furotin ta fi cin rai, don haka bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce ɗaliba tana neman EGFR, mai nauyin wajen kilodalton 170, tare da beta-aktin mai 42 a matsayin shaidar daidaiton zubi. Ta zuba maikurogiram 30 na furotin a kowane rami na jel mai kashi 12 cikin ɗari, ta yi ɗauka a bolt 100 na awa ɗaya da bafar Towbin yadda take. Aktin ya fito baƙi ƙirin, wurin EGFR babu komai. Ana ba ta shawara ta ninka antibodi daga 1:1000 zuwa 1:500. Da ta yi haka, bayan membiren ne kawai zai ƙara duhu, layin ba zai fito ba. Amma da ta duba Ponceau za ta ga layuka cike daga ƙasa har wajen kilodalton 100, daga nan sama sai dishi-dishi. Jel ɗin da ta rina kuma samansa shuɗi ne shar. Furotin ɗin bai ma bar gida ba.

Dalilai biyu ne suka haɗu. Jel mai kashi 12 ƙofofinsa matsattsu ne ga abu mai wannan girma. Metanol kuma, wanda wasu ke ɗauka kamar yawansa alheri ne zalla, aiki biyu yake yi masu karo da juna: yana tuɓe SDS daga jikin furotin don ya manne wa membiren da kyau, amma yana tsuke jel, kuma babban furotin da aka tuɓe wa SDS tun yana ciki yakan dunƙule ya tsaya cak. Don haka sai ta zuba jel mai kashi 8, ta rage metanol zuwa mililita 100 a lita, ta ƙara mililita 5 na SDS mai kashi 10, wanda zai ba da kashi 0.05. Sannan ta yi ɗaukar a bolt 30 ta kwana a sanyin digiri 4. Kada SDS ya wuce kashi 0.1, domin daga nan yana hana furotin kama membiren, musamman naitiroselulos. Aktin a irin wannan yanayi zai iya ɗan ratsawa, amma yana da yawa a samfurin, kuma membiren na biyu zai nuna ko asarar ta yi yawa.

Inda wuta ba ta da tabbas, kwana ana ɗauka kasada ce, domin idan ta ɗauke tsakar dare furotin da ke cikin jel zai bazu, layuka su fito da faɗi. Gara bolt 100 na awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rana, tankin a cikin ƙanƙara, da maganaɗisun juyawa a ciki. Zafi ba abin wasa ba ne, balle a watan Afrilu. Idan ka taɓa tanki ka ji ɗumi, ka ga ƙarfin wutar da na'ura ke nunawa yana ta hawa, bafa ta yi zafi, kuma layuka za su iya fitowa a karkace. Abin da ke ƙara haddasa wannan shi ne gyara pH na bafar da asid. Ba a yi mata haka. Da kanta take tsayawa wajen 8.3, kuma ƙarin asid ko gishiri yana sa ta ja wuta fiye da kima.

Akwai wata jita-jita game da membiren kansa, wai duka sai an tsoma su a metanol tsantsa kafin aiki. PVDF ne kawai yake bukatar haka, na kamar daƙiƙa 30, saboda ruwa ba ya shigarsa a bushe, kuma duk inda bai jiƙu ba furotin ba zai zauna ba. Naitiroselulos kuwa metanol tsantsa lalata shi yake yi, bafa ta ishe shi. Fararen da'irori masu tsaftataccen baki a tsakiyar layuka kumfar iska ce da ta maƙale tsakanin jel da membiren. A murza abin birgima ko bututun gilashi a kan kowane shimfiɗi, a haɗa komai a cikin bafa.

Idan aka zo duhun baya, abin da aka fi faɗa shi ne toshiya ba ta isa ba, sai a kwana ana toshewa. Awa ɗaya a madara mai kashi 5 cikin TBST ta wadatar a yawancin lokuta, kuma wuce gona da iri yana iya rufe wurin da antibodi zai kama. Mai laifin da aka fi samu shi ne antibodi na biyu da ya yi kauri. Gwajin mai sauƙi ne: a yanki siririn membiren, a tsallake antibodi na farko, a sa na biyu kaɗai. In ya yi duhu, a tsinka shi, daga 1:2000 misali zuwa 1:10,000. In ya fito fari, a koma kan na farko, a rage shi, a tabbatar ana wanki sau uku na minti goma-goma a TBST mai Tween-20 kashi 0.1, da ruwan da ya rufe membiren yana kai-komo a kansa. Siffar duhun ma tana magana. Duhu bai ɗaya yawan antibodi ne ko ƙarancin wanki. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe garin madara ne da bai narke ba ko antibodi da ya yi gudaji, sai a tace. Manyan tabo marasa siffa kuma wurin da ya bushe ne ana cikin aiki.

A kan bushewar nan ana haɗa abu biyu. Bushewa a lokacin da antibodi ke kai ita ce ke ɓata aiki. Amma busar da membiren nan take bayan ɗauka, kafin toshiya, ba laifi ba ne, ana ma ajiye shi haka, muddin an sake jiƙa PVDF da metanol kafin a ci gaba.

Batun cewa madara ba ta dace da neman furotin mai fosfet ba yana da tushe, domin kasin da ke cikinta shi ma yana ɗauke da fosfet. Illar ta fi bayyana da antibodin da ke kama fosfotairosin ko a jikin wane furotin yake, kuma nan BSA mai kashi 3 zuwa 5 ne mafita. Antibodi da yawa da aka ƙera don wuri ɗaya tak suna aiki lafiya bayan toshiya da madara, don haka a bi takardar da ta zo da shi. Inda ake amfani da abidin da bayotin dai a guji madara, tana da bayotin nata. Kuma madarar da ake nufi marar kitse ce. Garin madarar shayi da ake aunawa a kasuwa yawanci yana da kitse, wani ma man tsirrai aka zuba masa, ba zai maye gurbinta ba.

Abu biyu kuma suna kama da raunin sigina alhali ba shi ba ne. Sodiyam azaid da ake sa wa ruwan antibodi don kada ya ruɓe yana kashe enzayim ɗin HRP, saboda haka idan ya shiga ruwan antibodi na biyu membiren zai fito fari fat, har da aktin. Idan kuma aka ga farin layi da baƙin gefe daidai inda ake sa ran furotin, sigina ce ta yi yawa har HRP ya cinye sinadarin ECL na wurin kafin a ɗauki hoto. Ƙara antibodi a nan ƙara ɓarna ne. A rage samfurin daga maikurogiram 30 zuwa 10, a ƙara tsinka antibodi na biyu, a ɗauki hoton da zarar an zuba ECL.