Tanki Ɗaya, Ma'auni Uku

Ɗalibai da yawa yanzu ta waya suke samun tambayoyin lissafi: wani ya ɗauki hoton shafin littafi, ya tura wa abokansa. Wata tambaya da ke yawan ka da su ita ce ta siffa mai haɗe-haɗe, misali tankin ruwa mai jikin silinda da murfi mai tsini kamar malfa. A jikin zanen an rubuta faɗin tankin 1.4 m, tsayin silinda 150 cm, tsayin murfi 240 mm. Ana neman ruwan da zai ci da kuma faɗin jikinsa na waje.

Tun kafin a fara lissafi hoton kan yi ɓarna. Ɗigon da ke cikin 1.4 yakan dushe ya koma 14, mm kuma idan haske ya yi yawa sai ya zama m. Hankali ne zai raba gardama, domin murfi mai tsayin mita 240 ba zai zauna kan tankin da bai kai mita biyu ba. Kada kuma a ɗora rula a kan hoto. Wayar da aka karkata takan miƙar da wani gefe ta taƙaita wani.

A ganina, aikin farko shi ne mayar da komai ma'auni ɗaya, a rubuta a gefe. A santimita, faɗi 140 ne, rabinsa `r` 70, silinda 150, murfi 24. Da π a matsayin 22/7, da'irar gindi `πr²` ta ba da 15,400 cm². A ninka da 150, cikin silinda ya zama 2,310,000 cm³. Murfin kashi ɗaya cikin uku ne na 15,400 sau 24, wato 123,200. Jimla 2,433,200 cm³, ko lita 2,433.2, tunda 1,000 cm³ ne lita ɗaya.

Faɗin waje ya fi buƙatar natsuwa. Abin da fenti zai taɓa kawai ake ƙirgawa, saboda haka da'irar da murfi ya zauna a kanta ba ta cikin lissafi, a ɓoye take. Murfin kuma gangarensa `l` ake so, ba tsayinsa na tsaye ba. Ƙa'idar Pythagoras ta fitar da shi: `√(70² + 24²) = 74`. Daga nan `πrl` ya ba da 16,280, bangon silinda `2πrh` 66,000, gindi 15,400. Duka 97,680 cm².

Saura tarko guda. Idan an ce a kawo amsa a murabba'in mita, da 10,000 za a raba, domin murabba'in mita ɗaya santimita 100 ne sau santimita 100. Amsar ita ce 9.768 m². Wanda ya raba da 100 zai samu 976.8 m², abin da ya fi fuloti guda, a jikin tanki ɗaya.