Darasin da Babu Shi a Jadawali

A Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke garin Mbale, wadda aka buɗe a 1988, wani Bakano da wata 'yar Tanzaniya sun yi yarjejeniya a farkon zangon karatu: duk mako kowa ya koya wa ɗan'uwansa jimla ɗaya ta soyayya.

Nasa aikin ya zo da sauƙi. A Suwahili "nakupenda" ake ce wa mace, haka ake ce wa namiji, domin "ku" ɗin tsakiya ba ya bambanta jinsi. Ita ce ta sha wuya. Daga bakinsa ta haddace "ina son ki", ta maimaita masa yadda ta ji, 'yan Najeriyar da ke wurin suka tuntsire da dariya. Sai da ya nuna mata cewa namiji "ka" ne, mace "ki".

Da zango ya raba, ta tambaye shi bambancin so da ƙauna. Nan fa ya yi ta kame-kame, kamar yadda yawancinmu za mu yi, kafin ya ce mutum kan so shayi, amma ƙauna ta fi zurfi. Daf da jarrabawa ta koya masa "nimekukumbuka", wato na tuna da kai, abin da suke faɗa in an yi kewar mutum.